Kibiya Mai Tsauri ko Mai Laushi: Wacce Ce Ta Dace da Bakanka?

Ƙanena ya yi odar baka irin na gasa, mai rassa masu lanƙwasa a kai, wanda aka rubuta masa laba 30. Mai sayarwa ya haɗo masa da kibau goma sha biyu na kabon, kowacce da lamba 500 a jikinta. Sati uku yana harbi a bayan gida, kibau suna tafiya hagu, suna kaɗa gindi a iska kamar kifi, in sun isa allo su kafe a karkace. Da ya gaji sai ya kira ni ya ce, "Yaya, ko dai hannuna ne, ko bakan nan karkatacce ne." Ba hannunsa ba ne, bakan kuma lafiyarsa lau. Kibau ne aka ba shi na bakan da ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya cinye shi shi ne abin da za ka gani an rubuta `spine` a shafin mai sayar da kibiya, wato tsaurin sandar kibiya, yadda take jure lanƙwasa. Ga yadda ake auna shi. A ɗora sandar a kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiyarta, a duba yadda ta lotsa. In ta lotsa rabin inci, wato 0.500, sai a rubuta mata 500. In ta lotsa inci guda cif, 1000 ke nan. To ka ga lambar a juye take: ƙaramar lamba ita ce mai tsauri, babbar lamba mai laushi. Mutane da yawa nan suke fara tuntuɓe, suna zaton 1000 ta fi 500 ƙarfi.

Kana iya yin wannan awo a gida. Kafa ƙusa biyu a jikin katako, tazarar santimita 71, ka zuba yashi a gorar ruwa har ta kai giram 880, ka rataya a tsakiyar kibiya, ka sa rula. Mai lamba 500 za ta sauka kusan milimita 13, mai 800 kusan milimita 20, mai 1000 kuma milimita 25 da ɗan ɗigo. Ba awon masana'anta ba ne, amma ya isa ya gaya maka ko kibau goma sha biyun da aka sayar maka 'yan uwan juna ne, ko tsintacciyar mage ce.

Sai dai wannan lamba awon kibiya ne tana kwance. Abin da ya dame mu shi ne halinta a lokacin da tsirkiya ta buge ta.

Ka yi tunanin sanda siririya mai nauyin giram ashirin, da ƙarfe a kanta, aka ingiza ta daga gindi da ƙarfin da ya kai kilo goma sha uku. Gindi ya tashi, kai mai nauyi bai riga ya motsa ba, sandar da ke tsakani dole ta lanƙwashe. Ɓangaren da za ta lanƙwasa kuwa yatsunka ne suke zaɓa. Mai ja da hannun dama, yatsu uku a kan tsirkiya, kibiya a gefen hagu na baka, in ya saki, tsirkiyar ba ta tafiya gaba kai tsaye. Sai ta zame ta bakin yatsu zuwa hagu, ta ja gindin kibiya tare da ita. Cikin kibiyar ya turo dama ya danni jikin baka. Daga nan ta murɗo ta lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren, cikinta ya kauce wa mariƙi, sannan ta sake juyowa daidai lokacin da gindi da gashinta suke wucewa, sai su wuce ba su taɓa komai ba. Duk wannan cikin abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba. Ido ba ya ganinsa, sai da wani masanin kimiyya, Clarence Hickman, ya ɗauke shi da kyamara mai sauri a Amurka a shekarun 1930 aka daina musu a kai.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Baka yana da tsawon lokacin da yake ɗauka ya kai tsirkiya gida, kibiya kuma tana da saurin karkarwarta. Mai tsauri tana karkarwa da sauri kuma kaɗan kaɗan, mai laushi tana lilo a hankali kuma da faɗi. Ana so kiɗan biyu su haɗu, kamar ganga da ƙafar mai rawa. A jikin kibiya mai karkarwa akwai wurare biyu da ba sa motsi gefe, ɗaya kusa da kai, ɗaya kusa da gindi. In kibiya ta bar tsirkiya waɗannan wurare biyu suna kan layi ɗaya da abin hari, za ta tafi sak ko da tana rawa a hanya. In ba sa kan layi, ta fita a karkace ke nan, sauran aiki ya koma kan gashi.

Yanzu mu jera kibau uku a kan bakan ƙanena mu ga halin kowacce. Amma kafin nan akwai gyara. Laba 30 da aka rubuta a reshen baka ana nufin in an ja shi inci 28. Shi yaron gajere ne, jansa inci 27, kuma baka irin wannan yana rage wajen laba biyu a kan kowane inci da aka gaza. Mun maƙala sikelin rataye irin na awon kaya a tsirkiya, muka ja har inda yake tsayawa, ya nuna kilo goma sha biyu da rabi da ɗoriya, wato laba 28. Wannan ita ce lambar da ake saya wa kibiya, ba wadda ke rubuce a baka ba.

Mai lamba 500 ita ce ta hannunsa. Laba 28 ba ta iya lanƙwasa ta yadda ya kamata. Ba ta kewaya mariƙi, sai ta dogara da shi ta ture kanta hagu, kai a hagu, gindi a dama. Sau da yawa gashinta yana dukan jikin baka, ka ji wani "ƙas" bayan ƙarar tsirkiya, kuma bayan kwana biyu ka ga gashi ɗaya ya fara cinyewa. Ga ta da nauyi a kan wannan baka, don a cikin samfuri ɗaya mai tsauri ta fi kauri, saboda haka tana saurin faɗuwa in nisa ya ƙaru. Abin da za a yaba mata guda ne: ba za ta tsage a lokacin saki ba.

Mai lamba 1000, da tsawon inci 30 da kai mai nauyi, ita ce kishiyarta. Tana lanƙwasa fiye da kima, kuma ba ta gama juyowa ba tsirkiya ta sake ta. Sai ta fita kai a dama, gindi a hagu. Tana da sauƙin nauyi, tana da gudu, amma duk ɗan kuskuren da yatsu suka yi wajen saki tana ninka shi, don ƙaramin ture ya ishe ta. Yau ka saki da kyau ta faɗa kusa, gobe ka fizga ta yi nisa. A laba 28 wannan ɓacin rai ne kawai. A baka mai laba 55 ko 60 kuwa maganar ta wuce saiti ta koma tsaron lafiya, domin sanda mai laushi da rashin nauyi tana iya tsagewa a lokacin saki, hannun da ke riƙe da baka kuma shi ne a gabanta.

Mai lamba 800 ita ce muka yi zaton za ta zauna, kuma ita muka saya, guda shida kawai don gwaji. Na hana shi yanke su. Suka zo da tsawon inci 31, muka bar su haka, da kai mai nauyin giren 100, kimanin giram shida da rabi.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na tsirarar kibiya. Gashi ɗan rufin asiri ne: kibiya ta fita a karkace, shi ya miƙe ta a hanya, ka ga ta isa kamar ba abin da ya faru. In ka cire shi, gaskiya ta fito. Sai ka ɗauki uku masu gashi da biyu marasa gashi, ka naɗa ɗan salatif a gindin marasa gashin don nauyinsu ya zo ɗaya, ka tsaya a mita 10 tukuna don kada ka ɓatar da kibiya, in ka ga suna kan allo ka ja baya zuwa mita 18. Ka harba duka biyar wuri ɗaya kake saiti. Abin da kake kallo shi ne inda marasa gashi suka faɗa idan aka kwatanta da tarin masu gashi. Tsakiyar allo ba ruwanka da ita a yanzu.

Fara da sama da ƙasa, ka manta da hagu da dama. In marasa gashi sun faɗa sama da sauran, ƙullin da ke tsayar da gindin kibiya a tsirkiya ya yi ƙasa, ɗaga shi. In sun faɗa ƙasa, ƙullin ya yi sama. Sai wannan ya daidaita sannan karatun tsauri yake da ma'ana. Ga mai ja da dama: tsirara ta faɗa hagu, kibiya ta yi tsauri, ta faɗa dama, ta yi laushi. Bahago ya juya maganar. Haka ma mai ja da babban yatsa yana ɗora kibiya a gefen dama na baka, irin harbin Koriya da Turkiyya na gargajiya, shi ma a juye zai karanta.

Da muka gwada 500 a mita 10, tsirarar ta kusa barin allo ta hagu. Ba mu ma ja baya ba. Mai 800 da cikakken tsawonta ta faɗa dama da tarin, wajen taƙi guda a mita 18. Ta yi laushi ke nan, kuma abin da nake fata ke nan, domin laushi irin wannan yana da magani mai arha.

Maganin shi ne yanka. Sanda tana ƙara tsauri sosai in ta gajarta. Ƙarfin da ake bukata a lanƙwasa ta ta hanyar turi daga gindi yana bin tsawonta sau tsawonta ne, a juye. Rage ta daga inci 30 zuwa 29 yana ƙara mata juriya wajen kashi bakwai cikin ɗari, ga kuma saurin karkarwa da ke ƙaruwa. Lambar da ke jikinta tana nan 800, halinta a baka ya canja. Muka riƙa cire rabin inci daga wajen kai, muna mai da ƙarfen, muna harbawa. A inci 30 tsirara ta matso rabin tazarar. A 29 da rabi ta shiga gefen dama na tarin. Nan muka tsaya. Da sauran inci biyu da wani abu a gaban inda yake ja, wanda yake da kyau ga mai koyo, don jansa zai ƙaru in kafaɗarsa ta buɗe, kuma kibiyar da ta gaza tsawo ta zamo daga madogararta a cikakken ja haɗari ce babba. Wajen yankan kabon a yi amfani da faifan yanka siriri mai gudu, kada a sa zarton katako, yana tsattsaga zaren. Ƙurar kuma ba ta shaƙa ba ce.

To da a ce ya nace sai ya yi amfani da 500 ɗin nan fa? Hanyar laushe kibiya ita ce a ƙara mata nauyin kai, don kai mai nauyi ya fi turjiya, sanda ta fi lanƙwasa a bayansa. Daga giren 100 zuwa 125 yana motsa abu, amma kaɗan. Tsallaken da ke tsakanin 500 da 800 ya fi ƙarfin wannan. Sai ka ɗora mata ƙarfe mai nauyin gaske, ta koma kamar taɓarya, ta riƙa faɗuwa tun kafin mita 30. Ko kuma ka ƙara ƙarfin baka, wanda juya kusoshin da ke ɗaure rassa ba ya ba ka fiye da laba biyu ko uku, kafaɗar mai koyo kuma ba ta shirya ba. Akwai ɗan maɓalli mai sifirin a gefen mariƙi da kibiya ke jingina da shi: sassauta shi yana kai tari dama, ɗaure shi yana kai shi hagu. Amma na gyaran ƙarshe ne. Ƙa'idar da masu saiti ke bi ita ce, in ka yi iya gyaranka tsirara tana nan fiye da santimita 15 daga tari a mita 18, sandar ce ba taka ba, canja ta.

Wannan ne ya sa ra'ayina ya saɓa da abin da ake yawan faɗa, wai in kana shakka ka ɗauki mai tsauri. Ga mai baka mai 'yan tayoyi a kai da gindi, wanda ake saki da ƙugiya, maganar daidai ce. Ƙugiya ba ta ture tsirkiya gefe, kibiya tana fita ta tsakiya, lanƙwasarta ma yawanci sama da ƙasa ce, saboda haka ɗan ƙarin tsauri ba ya cutarwa, laushi kuwa yana cutarwa, musamman in an sa faffaɗan kai na farauta da ke kama iska. Amma ga mai ja da yatsu a baka mara nauyi, laba 20 zuwa 35, kusan duk wanda na gani da matsala tsauri ne ya yi masa yawa. In lambobi biyu ne a gabanka, ka ce 700 da 800, ɗauki mai laushin ka bar ta da tsawonta. Doguwa ana rage ta, gajera ba a ƙara ta. Inda zan ce ka ɗauki 700 shi ne in ka san cikin 'yan watanni za ka sauya rassa zuwa laba 32 ko 34, sai ka haƙura da ɗan tafiya hagu kafin lokacin.

Siffar mariƙi ma tana da ta cewa. Bakan gasa an fafe masa taga har ta wuce tsakiya, kibiya tana zaune kusan a layin tsirkiya, saboda haka yana karɓar lambobi da ɗan faɗi. Bakan da sanda ce zalla, kibiya tana kwance a kan hannu tana kallon gefe tun kafin a ja, dole ta lanƙwasa sosai kafin ta kewaye kaurin icen. Shi yana son mai laushi fiye da bakan gasa mai ƙarfi ɗaya da shi, kuma ba ya yafiya. Bakan maharbanmu irin wannan ne. Kibiyarsu ta kyauro ce da kan ƙarfe, galibi ba gashi, wato kowane harbi nasu gwajin tsirara ne. Maharbin da ke lanƙwasa kyauro a hannu yana ware wannan yana ajiye wancan, awon nan yake yi ba tare da lamba ba, kuma nauyin ƙarfen da maƙeri ya ƙera masa yana cikin lissafin.

Sai a yi hattara da lambobin da ba na wannan awo ba. Kibiyar alminiyam ta kamfanin Easton mai lamba 1816 ba tsaurinta ke nan ba: 18 faɗin bututun ne a kashi 64 na inci, 16 kuma kaurin bangonsa a kashi dubu na inci. Tsaurinta wajen 756 ne, 1916 kuma wajen 623. Kibiyar katako ana rubuta mata laba ne, kamar 30 zuwa 35, kuma da wani awo dabam, na tazarar inci 26 da nauyin laba biyu. Wasu kamfanonin kabon ma suna da lambobin samfuri da ke hawa yayin da tsauri ke hawa. Kafin ka biya kuɗi nemi ainihin lotsawar da aka rubuta da ɗigo, irin 0.800.

Gwajin tsirara shi ma yana iya yi maka ƙarya. Kibiyar da ta yi tsauri ƙwarai tana iya dukan mariƙi da gindi, dukan ya jefa gindin hagu, kai ya juya dama, ka karanta laushi. Ka yanke ta, abu ya ƙara lalacewa. Alamar ita ce gyaranka yana kai ka baya maimakon gaba. Shafa jan baki a gefen gashi da gindin kibiya ka harba, in ka ga ja a jikin baka to akwai duka, kuma duk karatun da ka yi kafin nan ka zubar. Iska ma tana wasa da tsirara fiye da mai gashi, saboda haka ba a gwajin nan da iskar hunturu tana kaɗawa, a bari sai sassafe ko a shiga rumfa. Sannan kada ka yanke hukunci da karkatar gindi a jikin allo kaɗai, don buhun da aka cusa tsumma ko ciyawa yana juya kibiya yadda ya ga dama. Inda ta faɗa shi ne shaida.

Babban iyakar gwajin shi ne mai harbin kansa. In masu gashinka ba sa taruwa a faɗin faranti a mita 18, tazarar tsirara ba ta gaya maka komai, don ba ka san ko kibiya ce ko yatsunka ba. Mai koyo irin wannan ya auna ƙarfin bakansa a inda yake ja, ya ɗauki lambar da ta yi kusa, ya bar ta doguwa, ya yi ta harbi wata biyu ko uku kafin ya taɓa abin yanka. Shi ƙanena ya ci sa'a sati ukun da ya yi yana faɗa da 500 sun daidaita masa hannu, shi ya sa karatunmu ya fito.

Kibau 500 ɗin suna nan a kwari, an ajiye su sai ranar da ya kai laba 45 ko sama. Kafin ya sa kowace kibiyar kabon a tsirkiya, musamman wadda ta bugi bango ko dutse, na koya masa ya kama kai da gindi ya ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne, nesa da ido, yana juya ta. In ta yi ƙara kamar busasshen kara, ya karya ta biyu ya jefar, don kada wani ya tsinta ya harba.